Tsohuwar zuma ko sabon kiɗa: malamin da zai koma kodinetan aiki

Malama Hajjo: Jama'a, ƙanena malamin firamare ne, an kira shi intabiyu na kodinetan aiki a wata ƙungiyar agaji. Wani ya ce masa "da tsohuwar zuma ake magani", wani ya ce a'a, "in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza". Wacce ta hau kansa?

Baban Nana: Ta farko mana, Malama. Tsohuwar zuma ai daɗewa ce. Ya lissafo musu shekarunsa a aji, shi ke nan.

Yaya Talatu: Baban Nana, ba shekaru masu intabiyu ke saye ba. Zumar da ke wajen malami ita ce ƙirgen baya: an ba shi zango, an tsayar da ranar jarrabawa, shi kuma ya raba manhaja mako-mako don ya cim mata. Jadawalin aiki ma haka ake gina shi. A ce za a horar da malamai 40 na kwana 3, daga ranar 20 ga wata. In ofishin kuɗi na buƙatar kwana 10 na aiki kafin ya saki kuɗi, to takardar neman kuɗi ta shiga kafin ranar 6. Ita kuma ba ta shiga sai da sunayen mahalarta, sunayen kuwa suna hannun sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Ke nan wasiƙarsa ce farkon abin da za a rubuta, tun watan da ya gabata. Wanda ya fara da kama zauren taro ya fara ta ƙarshe.

Malam Ɗanjuma: Ni dai ta biyun na riƙe, Yaya. A aji malami ke da iko, ya ce a kawo aiki gobe a kawo. Kodineta ba ya sama da akanta, ko direba, ko sakataren ilimi. Sai bibiya da lallami da rubutacciyar tunatarwa.

Yaya Talatu: Gaskiyarka, amma rabi. Malamin da ya taɓa zama da iyayen yara da mai unguwa kan gyaran rufin aji ya san wannan rawar, ya kawo ta a intabiyu. Inda kiɗa ya canza da gaske wajen kuɗi ne. Kuɗin mota ₦5,000 kullum ga mutum 40, kwana 3, ya kama ₦600,000. In rana ta uku mutum 36 suka sa hannu, ₦20,000 za ta koma asusu da rasit. Rajistar aji ana iya cike ta washegari, takardar halartar taro kuwa in babu sa hannun mahalarci a ranar, mai binciken kuɗi zai ƙi ta, bashin ya hau kan kodineta.

Baban Nana: To ni har yanzu ban yarda karin maganar ta fita daga batun daɗewa ba. Sabon malami ma ai ya iya raba manhaja, shi ma tsohuwar zuma za ku kira shi?