Alifin wasali: me ya sa Warshu ke cewa "ƙulud'u"?

Assalamu alaikum malamai. Almajiri ne ni a Maradi, karatun Warshu nake yi.

Abin da aka koya mini shi ne alifin wasali yana faɗuwa idan an sadar da kalmomi, harafi mai ɗauri da ke gabansa kuma ya ɗauki kasara. Shi ya sa muke cewa "ƙulir-ruhu". To amma a ƙarshen Suratul Isra'i malaminmu "ƙulud'ullaha" yake biya mana, da rufu'a. Na saurari karatun Hafsu a waya, na ji "ƙulid'ullaha".

Na lura in an fara da kalmar, "ud'u" ake cewa, ainun ma rufu'a gare shi. Shin rufu'ar ce lamun ya bi? In haka ne, me ya hana "ƙulir-ruhu", ga ra'un da rufu'a? Wannan ya tsaya mini a rai. Allah ya ƙara sani.