Yatsa kaɗai ya isa ya tsare mini manhajar banki?

Maman Husna: Assalamu alaikum 'yan uwa. Da yatsa nake buɗe wayata, da shi kuma nake tura kuɗi a manhajar banki. Ƙanena ya dage sai na ƙara lambar sirri. To ba an ce zanen yatsan kowa daban yake ba?

Malam Sabo: Wa alaikumussalam. Daban yake, Hajiya, amma ba a ɓoye yake ba. Duk kofin da kika riƙe kin bar shi a jiki, har gilashin wayar ma. Lambar sirri idan ta fita, nan take sai ki sauya wata. Yatsu kuwa goma ne, da su za ki rayu. A 2015 masu kutse sun kwashe zanen yatsun mutum miliyan 5.6 daga hukumar kula da ma'aikatan gwamnatin Amurka. Babu yadda za a yi a ba mutanen nan sababbin yatsu.

Nura: Amma Malam, ai waya ba ta ajiye hoton yatsa. Lissafi take mayar da shi, ta kulle a wani ɓangare na musamman. Don haka ni ban ga abin tsoro ba.

Malam Sabo: Ka yi gaskiya a kan ajiyar, Nura, sai dai ba daga cikin wayar ake sacewa ba. A 2013, kwanaki kaɗan da fitowar iPhone 5s, 'yan ƙungiyar Chaos Computer Club ta Jamus suka ɗauki hoton zanen yatsa daga jikin gilashi, suka ƙera na jabu, wayar ta buɗe. Aiki ne mai wahala, ba kowane ɓarawo zai iya ba. Amma wanda ya samu kwafin, ya riƙe shi ke nan.

Binta: Ni ko jabu ba a yi mini ba. Ina barci ɗana ya ɗora yatsana a waya, ya saya wa wasansa kaya. Sai da saƙon banki ya shigo na sani.

Abban Salim: Tawa ma ba ta gane yatsana in hannuna ya jiƙe. Ki yi rajistar yatsa biyu kawai.

Malam Sabo: Wannan wata matsalar ce daban, Alhaji. Hajiya, ki bar yatsa a buɗe waya, amma tura kuɗi ya zama sai da lamba, kuma kada ta zama ɗaya da ta wayar. Ki sa mai alƙaluma 6: haɗinta miliyan ɗaya ne, mai 4 kuwa 10,000 kacal. Idan kina fargabar a karɓe wayar, ki kashe ta. In ta sake kunnuwa ba ta karɓar yatsa sai an fara sa lamba.

Maman Husna: Na gode, Malam. Fuska fa? Akwai ƙanwata da muke kama sosai.

Nura: Ki miƙa mata wayar ta gwada a gabanki, Anti. Apple da kansa ya ce kariyar fuska tana raguwa tsakanin tagwaye da 'yan uwa masu kama.