PT ko aPTT: abin da muka tsaya a kai

To jama'a, kan tambayar wanne za a duba tsakanin PT da aPTT, gwaje-gwajen daskarewar jini, shawarar da ta fi yawa ita ce kar ka zaɓi ɗaya, duba su tare. PT na auna hanyar waje, wato sinadarin daskarar da jini fakto VII, aPTT kuma hanyar ciki, su VIII, IX, XI da XII. Misali yaro namiji gwiwa na kumbura da jini, PT lafiya lau amma aPTT ya yi tsawo, ai sai tunaninka ya tafi himofiliya, ƙarancin VIII ko IX. In PT kaɗai ya tsawaita, tuna VII ne ke saurin ƙarewa, farkon shan maganin hana daskarewar jini wafarin kenan ko ƙarancin bitamin K. Wata daga cikinmu ta ƙara da cewa in duka biyun lafiya amma dasashi na zubar da jini, koma kan filatilet, ƙwayoyin jinin da ke toshe rauni, nan fa da yawa ke faɗuwa wallahi.