Mai ba da labarin da ba ya faɗin gaskiya: fasaha ce ko ha'inci?

Nafisa: Ni fa na gama wani littafi jiya, sai a babin ƙarshe na gano cewa wanda yake ba ni labarin tun shafin farko shi ne ya yi kisan. Wannan ai ha'inci ne. Marubucin da ya ɓoye maka gaskiya shafi ɗari biyu ya ci amanar mai karatu. Ko ni kaɗai nake ganin haka?

Kabiru: Ba ke kaɗai ba ce. Idan bakin da kake jin labari daga gare shi maƙaryaci ne, da me za ka riƙe? Duk abin da aka ga dama sai a ce maka a ƙarshe ba haka ba ne.

Malam Sani: Malama Nafisa, ina jin littafin Agatha Christie na 1926 kike nufi, The Murder of Roger Ackroyd. Wanda bai karanta ba ya yi haƙuri, zan tona asirin. Ki koma daren kisan ki sake karantawa a hankali. Likita Sheppard, mai ba da labarin, yana zaune da Ackroyd aka kawo wasiƙa. Ya gaya mana an kawo ta da 8:40 na dare. Jimlar da ta biyo baya ta ce ya fita ya bar mutumin da 8:50, wasiƙar kuma ba a gama karanta ta ba. Ya ce ya tsaya a bakin ƙofa ya waiwaya, yana tunanin ko akwai abin da ya bari bai yi ba. To, wace ƙarya ce a nan? Babu ko ɗaya. Minti goma ya tsallake, a cikinsu ya kashe mutumin. Mu ne muka cike gurbin da cewa hira suka yi, don mun saba likita mutumin kirki ne, kuma mun saba abokin tafiyar mai bincike ba ya zama mai laifi.

Kuma ba a bar ki hannu rabbana ba. Ya ce 8:50 ya bar gidan, amma agogon coci na buga tara yana wucewa ta ƙofar shinge, tafiyar da ba ta fi minti biyar ba. Ina sauran biyar ɗin? Wannan na cikin abubuwan da Poirot, mai binciken, ya kama shi da su, kuma yana nan a rubuce a gabanki tun farkon littafi.

Nafisa: Wallahi shi ne, Malam. Na ga lokutan, amma ban ƙirga ba. Wa zai zauna yana lissafin mintoci yana karanta labari?

Malam Sani: Mai karanta labarin bincike, ai aikinsa ke nan. Alamar ita ce mutum ya cika tsantseni wajen faɗin lokaci da wuri, sai ya zo daidai inda ya kamata ya yi bayani ya wuce a guje.

Auwal: Ni ban ga abin muhawara ba. Kowane fim akwai mugu mai yi wa jaruma ƙarya har ta yarda da shi. Ba sabon abu ba ne.

Anti Binta: Auwal, wancan jarumar yake yaudara, kai kana zaune kana ganin komai. Wanda ake magana a kai kai yake yaudara, domin ta bakinsa kaɗai kake samun labarin.

Amma Malam Sani, misalinka zai sa a ɗauka duk maganar ta masu laifi ce masu ɓoye sawu. Wanda ya fi taɓa min zuciya ba ya nufin yaudarar kowa, kansa yake ruɗa. Stevens, babban hadimin gidan wani basarake a littafin Kazuo Ishiguro na 1989, The Remains of the Day. Ana wani babban taro a gidan a 1923, mahaifinsa yana kwance a sama rai a hannun Allah, shi kuwa yana ƙasa yana hidimar baƙi. Ko sau ɗaya bai ce mana ransa ya ɓaci ba. Sai wani matashi cikin baƙin ya tambaye shi ko lafiya, sannan maigidan ya ce masa kamar kuka yake yi. Ya ce gajiyar aiki ce. Daga bakin wasu muka ga hawayen da shi bai ambata ba. Mahaifin ya rasu a daren, amma da ya zo rufe zancen sai ya ce yana tuna daren da jin ya yi nasara a aikinsa. Na ajiye littafin na daɗe ban iya ci gaba ba. Nan babu wani asiri da ake jira a tona a ƙarshe. Tun ana tafiya kin fi shi sanin halin da yake ciki, kuma wannan ne yake sa tausayinsa ya kama ki.

Malam Sani: Haka ne, Anti. Wayne Booth, masanin adabin da ya raɗa wa irin wannan mai ba da labari suna a 1961, a kan wannan tazarar ya gina maganarsa: abin da mai ba da labari yake ɗauka daidai daban, abin da littafin gaba ɗaya yake nunawa daban. Marubuci yana yi miki magana ta bayan mai labarin.

Kabiru: Na yarda a littafi. A fim fa? Magana kowa ya san ana iya ƙarya da ita, amma abin da kyamara ta nuna min da idona na gani. A Stage Fright na Hitchcock, 1950, wani mutum yana ba wata labarin yadda aka jefa shi cikin zargin kisa, aka nuna mana abin a hoto kamar ya faru, ashe shi ne ya yi kisan. Shi kansa Hitchcock daga baya ya ce kuskure ya yi da ya sa wannan waiwayen na ƙarya.

Anti Binta: A shekarar kuma aka yi Rashomon na Kurosawa, mutum huɗu kowa da nasa labarin mutuwar mutum ɗaya, kowanne an nuna shi a hoto. Ba ka ce an cuce ka ba.

Kabiru: Domin tun labari na biyu ya saɓa wa na farko, na san ƙa'idar wasan, na daina yarda da kowa. Hitchcock guda ɗaya ya ba ni, babu abin da zan gwada shi da shi.

Malam Sani: Akwai abu ɗaya dai: an nuna maka wanda yake magana kafin hoton ya fara, mutum ne da 'yan sanda suke nema. Hoton nasa ne, ba na fim ɗin ba.

Kabiru: Wannan bai ishe ni ba, Malam. Duk waiwayen da na taɓa gani haka yake farawa, kuma gaskiya yake zama.

Rukayya: Ku taimaka min da tawa. Na rubuta gajeren labari, wata mata tana ta yabon mijinta alhali yana cutar ta. Na sa ta ce bai taɓa ɗaga mata murya ba, can gaba ta ce maƙwabta sun ji ihunsa. Mutum uku suka karanta, biyu suka ce na manta abin da na rubuta a baya.

Anti Binta: Ƙanwata, saɓani guda ɗaya kuskuren marubuci yake kama. Sai an ga saɓanin yana maimaituwa, kuma kullum gefe ɗaya yake karkata, wato wajen wanke mijin. Ki sa ta kawo masa uzuri tun ba a tambaye ta ba. Ki shigo da 'yar'uwarta ta kalli hannunta ta yi shiru, ita kuma ta yi saurin ja mayafi ta canza zance. Kada ki bayyana komai bayan haka.

Nafisa: Na ɗauko littafin na buɗe wurin. Mintocin suna nan yadda Malam ya faɗa, na janye kalmar ha'inci a kan wannan. Amma a kan fim ɗin Hitchcock ina bayan Kabiru, sai na kalle shi da kaina tukuna.