Takardar gwajin ƙari: da wace Hausa za a karanta wa mara lafiya?

Nas Rabi: Salamu alaikum. Ina neman Hausar kalmomi huɗu da ke zuwa a sakamakon tsokar da aka kai gwaji: binain, malignan, gired da majin. Ga misali irin wanda muke gani a Jos: an cire ƙulli a nonon mace, girmansa santimita 2.4, malignan ne, gired 2, majin na sama fozitib, na ƙasa kuma akwai tazarar milimita 3. Ita da mijinta suna zaune suna jira. Me za a ce musu?

Malam Iliya: Wa alaikumus salam. Biyun farko ba wuya: ƙari mara illa da ƙari mai yaɗuwa. Gired kuma mataki.

Dakta Hadiza: Malam, ukun duk ina da gyara. "Mara illa" alkawari ne da takarda ba ta yi ba. Ƙarin da ba daji ba yana iya danne ƙwaƙwalwa, na mahaifa kuma ya sa zubar jini har jini ya yi ƙasa. Abin da kalmar ke nufi kawai shi ne ba ya cin naman da ke kusa da shi, ba ya kuma tafiya wani sashe na jiki. A ce "ƙari ne, amma ba daji ba ne". "Mai yaɗuwa" kuwa, wasu za su ji kamar ana ɗauka, su ware mata kwano. Wasu su ɗauka ya riga ya bazu. A wannan misali zan ce: "Hajiya, gwaji ya nuna ciwon daji ne. Irinsa yana iya bazuwa, amma wannan takarda ba ta ce ya bazu ba."

Wanda ya fi damuna shi ne mataki. Mutane sun saba jin "mataki na huɗu", wato nisan da ciwon ya yi a jiki: girmansa, ko ya kai kaluluwar hammata, ko ya kai huhu, hanta ko ƙashi. Gired ba wannan ba ne, kamannin ƙwayoyin ne a ƙarƙashin madubin gwaji. A dajin nono abu uku ake dubawa: ko har yanzu suna jeruwa kamar bututun nono, yadda cibiyarsu ta sauya kama, da yawan waɗanda aka kama suna rabuwa. Kowanne maki 1 zuwa 3. Jimilla 3 zuwa 5 gired 1 ne, 6 ko 7 gired 2, 8 ko 9 gired 3. Saboda haka ƙulli ƙarami da bai je ko'ina ba yana iya zama gired 3. Ka ce masa "mataki na 3", dangi sun ji saura ɗaya a kai ƙarshe. Ni "zafin ciwon" nake cewa, na wannan baiwar Allah matsakaici ne.

Baban Ummi: Dakta, takardar yayata da aka ɗebi tsoka da allura babu majin ko kaɗan. Mantawa suka yi?

Dakta Hadiza: Ba mantuwa ba ce, Alhaji. Allura ɗan sili take ɗebowa daga cikin ƙarin don a san irinsa. Sai an yi tiyata an cire shi duka ake maganar majin, wato gefe.

Nas Rabi: To gefen fa? Wasu suna cewa iyaka.

Dakta Hadiza: Na fi son "bakin yanka". Kamar dankalin da ya ruɓe a gefe ɗaya: ana yankewa ne har da ɗan mai kyau. Likitan tiyata yana sa zare a naman don a gane sama da gefe, a ɗakin gwaji a shafa wa bayansa tawada, a yanyanka a duba. In ƙwayoyin daji sun taɓa tawadar, mai yiwuwa an bar saura a jiki. Kada a fassara fozitib da "mai kyau", a nan akasin haka ne. A ce: "Ta ƙasa bakin yanka ya fita tsaf, ta sama kuwa ciwon ya kai bakin, don haka likita zai yi maganar komawa a ƙara yankewa." A ƙara da cewa ba lallai sakaci ba ne, ido ba ya ganin ƙwayoyin lokacin aiki. Kuma ko duk bakin ya fita tsaf, ba a ce an warke ba. Bayan cire ƙulli kaɗai galibi akwai gashin wurin da na'ura, wani lokaci da allurar kimo.

Malam Iliya: Bakin yanka na karɓa. Amma "zafin ciwo" za a ji shi raɗaɗi, mai gired 3 ta ce ai ita ba ta jin zafi. Me zai hana "ƙarfin ciwo"?

Nas Rabi: Ƙarfi ma zai koma wa mataki, don "ciwo ya yi ƙarfi" nisa yake nufi. Ko "saurin girman ƙwayoyin"? Sai dai ɗaya kawai ya ɗauka cikin abubuwa ukun da Dakta ta lissafa.