Shin lissafi zai iya fitar da sha ɗayan farko?

Auwalu: A ganina zaɓen 'yan wasan da za su fara lissafi ne zalla: a ba kowa maki, a kwashi sha ɗayan da suka fi maki. Akwai mai ja?

Malam Habibu: Akwai, Malam Auwalu, domin makin ɗan wasa yana canzawa da gurbin da aka ajiye shi. A ce kana da 'yan baya biyu. Na farko yana da maki 9 a lamba biyu, wato dama, da 8 a lamba uku, wato hagu, na biyu kuma yana da 8 a lamba biyu amma 4 kacal a lamba uku. Idan ka fara da bai wa gwanin wurin da ya fi so, jimlarka 13 ce, idan kuwa ka mayar da shi hagu ka bar wa ɗayan dama, ka tashi da 16. Saboda haka jimlar gurabe ake nema, ba jerin gwanaye ba. Da tsarinka aka bi a Gasar Kofin Afirka da aka buga a farkon 2024, da Najeriya ta cika fili da 'yan gaba, amma bayan kunnen doki da Ikwatoriyal Gini sai kocinta na lokacin, Peseiro, ya koma 'yan baya uku, Ajayi da Troost-Ekong da Bassey, kuma tsarin ya kai su wasan ƙarshe.

Hajiya Binta: To ai har yanzu lissafi ne, Malam. Gajiya ma tana shiga ciki: wanda ƙarfinsa ya ragu da kashi ɗaya cikin biyar, a rage makinsa daidai da haka, shi ke nan.

Malam Habibu: Da gaskiyarki, Hajiya, sai dai gajiya ba ta rabuwa daidai a kan minti 90. Wani zai ba ka awa guda cikakkiya sannan ƙafa ta mutu, kuma tun da aka halatta canji biyar, abin tambaya shi ne wa zai fara, wa zai ƙarasa.

Ɗanladi: Mu a kulob ɗin unguwarmu wanda ya zo atisaye shi ke farawa, ko da gwani zai yi fushi.

Hajiya Binta: Wannan maganar ladabtarwa ce, Ɗanladi, ko da yake ita ma sharaɗi ce da za a iya rubutawa.

Auwalu: To wasan ƙarshen fa? Ɗan bayan Najeriya Aina ya haskaka a gasar duka, kowane ma'auni zai sa shi, amma Adingra na Ivory Coast ya wahalar da ɓangarensa, kuma daga ƙafarsa ƙwallayen Kessié da Haller suka fito.

Malam Habibu: Ka kawo hujja a kan kanka ke nan. Makin Aina a gaban Adingra, kwana huɗu bayan wasan da aka yi ƙarin lokaci da Afirka ta Kudu, ba shi ne makinsa na sauran wasanni ba, kuma ya danganta da ko ɗan gaban da ke gefensa yana dawowa taya shi tsaro. Da zarar makin wani ya rataya a kan wani, tarawa kaɗai ba ta isa.

Hajiya Binta: Sai a ba kowane mutum biyu makin haɗuwarsu. Wahalar ita ce wasannin da suka buga tare ba su kai a auna ba, don haka koci ne zai ƙiyasta lambar, kuma ni ban yarda hakan ya fitar da shi daga lissafi ba.