Kun taɓa sa oda ta cika a farashin da ba shi kuka gani ba?

Ɗan Birni: Jama'ar Damagaram, salamu alaikum. Na ba da odar sayen hannun jari 100 na wani kamfani a kasuwar BRVM ta Abijan. Allo ya nuna sefa 2,500 kowane ɗaya, na zaɓi "au marché", wato odar kasuwa, ina sa ran biyan 250,000. Sai ga lissafi ya fito 259,300, ban da ladan dillali. Wa ya taɓa gamuwa da haka?

Malam na Sabon Gari: Na gamu da shi, ƙanena, kuma ba cuta ba ce. Wannan 2,500 farashin mai sayarwa mafi araha ne, ko na cinikin ƙarshe, ba na duk kayan da ke kasuwa ba. A ce mai 2,500 guda 20 kawai ya kawo, na bayansa yana da 30 a 2,560, na uku 50 a 2,650. Odar kasuwa cewa take a saya maka yanzu ko nawa ne, sai ta kwashe su bi da bi: 50,000 da 76,800 da 132,500, ka ga 259,300 ɗinka ke nan. Da "cours limité", wato oda mai iyakar farashi, ka zaɓa ka rubuta 2,560, da guda 50 ka samu, ragowar su jira. Mai iyaka tana tsare maka farashi, amma ba ta yi maka alkawarin kaya ba.

Hajiya ta Zango: Malam, ni jiran ne ya ishe ni. Na sa iyaka a 2,400, na ga an yi ciniki a 2,400 ɗin, ban samu ko ɗaya ba, daga nan farashi ya haura ya bar ni.

Malam na Sabon Gari: Layi ne, Hajiya. Waɗanda suka riga ki sa oda a wannan farashin su ake fara sallama.

Ɗalibi: Ni dai na ɗauka mai iyaka ita ke hana asara. Ina da kaya a 2,500, in sa ta sayar a 2,300 idan ya faɗi.

Malam na Sabon Gari: Kada ka yi, ɗana! Ka ce ke nan ka yarda da 2,300 zuwa sama, nan take za a sayar in akwai mai saye. Abin da kake nufi wata oda ce dabam.

Mai Shago a Kasuwar Dole: Ni a waya nake sayen Bitcoin kaɗan-kaɗan, kullum Market, wato odar kasuwa, nake dannawa, ban ga wani bambanci ba. Ina ganin sabon shiga ya tsaya nan, ya fi sauƙi.

Malam na Sabon Gari: Inda masu saye da sayarwa suka yi yawa, tazarar farashinsu 'yar kaɗan, odarka kuma ƙarama, ka yi daidai. Amma a BRVM akwai hannun jarin da ke wuni ba a yi cinikinsa sosai ba, kuma farashi na iya motsawa har kashi 7.5 cikin ɗari a rana guda. A nan ni iyaka nake sawa, daidai farashin mai sayarwa na farko ko sama da shi kaɗan.

Hajiya ta Zango: To in na ɗaga iyakar gobe, matsayina a layi yana nan, ko baya zan koma?